Layi ɗaya daga gonaki biyar: yadda ake lissafinsa da biro da takarda

A shekarar 1805 wani masanin lissafi ɗan Faransa, Adrien-Marie Legendre, ya buga littafi a kan yadda ake gano hanyar da taurari masu wutsiya ke bi. A ƙarshen littafin ya ƙara ƴan shafuka a kan matsalar da ta addabi masu nazarin sararin sama, wato awo ya yi yawa kuma kowanne ya ɗan saɓa wa ɗan'uwansa. Bayan shekara huɗu, a 1809, Carl Friedrich Gauss na Jamus ya buga dabarar shi ma, ya ce tun 1795 yake aiki da ita. Dukansu da alƙalami da takarda suka yi aikin, kuma har yau wanda ya iya tarawa da ninkawa zai iya yinsa a bayan ambulan.

A ƙaddara wani malamin gona ya zagaya gonakin masara biyar masu girma ɗaya a ƙauye guda. Lambobin na misali ne. Gonar farko an zuba mata taki buhu 1 ta ba da masara buhu 9, ta biyu buhu 2 ta ba da 12, ta uku buhu 3 ta ba da 15, ta huɗu buhu 4 ta ba da 16, ta biyar buhu 5 ta ba da 18. Manoma suka tambaye shi: Malam, kowane ƙarin buhun taki masara nawa yake kawowa?

Idan ya dubi gona ta ɗaya da ta biyu zai ce buhu 3. Idan ya dubi ta uku da ta huɗu zai ce buhu 1. Amsar ta dogara ne da gonaki biyun da ya zaɓa, don haka yana bukatar miƙaƙƙen layi ɗaya da ya yi la'akari da duka biyar ɗin. Ana rubuta layin y = a + bx, inda x yake taki, y kuma masara. Lambar b ita ce gangarar layin, wato abin da y ke ƙaruwa da shi idan x ya ƙaru da ɗaya. Lambar a kuwa mafarinsa ce, wato darajar y lokacin da x yake sifili.

Aikin duka a tebur mai ginshiƙi huɗu yake. Biyun farko lambobin da aka tattaro ne, na uku x sau kansa, na huɗu x sau y, sai a tara kowane ginshiƙi a ƙasa.

```
        x     y    x²    xy
        1     9     1     9
        2    12     4    24
        3    15     9    45
        4    16    16    64
        5    18    25    90
jimla  15    70    55   232
```

Daga nan an gama da gonakin ɗaya bayan ɗaya. Jimloli huɗun nan da adadin gonaki, n = 5, su kaɗai za a yi aiki da su. Alamar Σ tana nufin jimla.

```
b = (nΣxy − ΣxΣy) / (nΣx² − (Σx)²)
a = (Σy − bΣx) / n
```

A sama, 5 sau 232 ya ba da 1160, a cire 15 sau 70 wato 1050, saura 110. A ƙasa, 5 sau 55 ya ba da 275, a cire 15 sau 15 wato 225, saura 50. A raba 110 gida 50, gangara ta fito 2.2. Sai mafari: 2.2 sau 15 ya zama 33, a cire shi daga 70 saura 37, a raba gida 5 a sami 7.4. Malamin gona zai iya gaya wa manoma cewa a waɗannan gonaki kowane buhun taki ya zo da ƙarin masara buhu biyu da ɗan ɗoriya.

Me ya sa wannan layin ya fi sauran? Ga gonakin biyar yana hasashen 9.6, 11.8, 14, 16.2 da 18.4. Idan aka cire waɗannan daga ainihin abin da aka girbe, kuskuren ya zama −0.6, 0.2, 1, −0.2 da −0.4. A ninka kowanne da kansa a tara, za a sami 1.6, kuma babu wani miƙaƙƙen layi da zai ba da ƙasa da haka. Wanda ya ɗora rula a kan gonar farko da ta ƙarshe ya ja layi, jimlarsa za ta kusa 2.9. Ninka kuskure da kansa yana hana na sama da na ƙasa su shafe juna, kuma yana sa babban kuskure ya yi nauyi sosai.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne bambancin Σx² da (Σx)². Na farko a ninka kowane x da kansa sannan a tara, shi ne 55. Na biyu a tara tukuna sannan a ninka jimlar da kanta, shi ne 225. Wanda ya sa 55 a gurbin 225 zai sami 220 a ƙasa, gangararsa ta zama 0.5, mafarinsa kuma 12.5.

Abin damuwar shi ne gwajin da aka fi koyarwa ba ya kama wannan kuskuren. Akan ce a duba ko layin ya ratsa ta matsakaicin x da matsakaicin y, a nan 3 da 14. Layin gaskiya ya ratsa, domin 7.4 da 6.6 sun ba da 14. To amma gurɓataccen ma ya ratsa, 12.5 da 1.5 su ma 14 ne. Dalili kuwa an gina lissafin mafari ne don ya tilasta hakan ko da wace gangara aka ba shi, saboda haka gwajin yana tabbatar da matakin ƙarshe ne kawai. Gwajin da ya dace a koya wa kowane ɗalibi shi ne a ninka kowane kuskure da x ɗinsa a tara. A layin gaskiya za a sami −0.6, 0.4, 3, −0.8 da −2, jimlarsu sifili cif. A gurɓataccen layin jimlar 17 ce, nan take asirinsa ya tonu. Akwai kuma alama mai sauƙi tun kafin a kai nan: lambar ƙasa ba ta taɓa yin ƙasa da sifili, kuma ba ta zama sifili sai idan duk gonakin taki iri ɗaya aka zuba musu, wanda ba zai nuna gangara ba.

Ko lissafi ya yi daidai, layin yana da iyaka. Babu gonar da aka bari ba taki a cikin biyar ɗin, don haka buhu 7.4 na mafari hasashe ne, ba wanda ya girbe shi. Mai buhun taki 20 kuma layin zai yi masa alkawarin masara buhu 51.4, alhali duk manomi ya san taki idan ya yi yawa ƙona shuka yake yi. Kurakuran ma sun fara raɗa wannan magana: gefe biyu suna ƙasa da layi, tsakiya tana sama, alamar amfanin takin ya fara raguwa.

Masanin ƙididdiga ɗan Ingila Francis Anscombe ya nuna girman wannan haɗari a 1973. Ya tsara tebura huɗu, kowanne da awo 11, dukansu suka ba da kusan layi ɗaya, y = 3 + 0.5x. Da aka zana su, ɗaya ne kawai ya dace da layin. Na biyu lanƙwasasshe ne, na uku ɗigo ɗaya ne ya fanɗare ya karkatar da layin, na huɗu kuma ɗigo goma x ɗinsu ɗaya ne, ɗigo guda tilo ya samar da gangarar. Jimloli ba sa iya bambance waɗannan, shi ya sa malamin gona zai fara ɗiga gonakinsa biyar a takarda ya dubi siffarsu kafin ya taɓa ginshiƙi na uku.