Saƙon da Ke Tsare Maka Ofis Idan Ka Tafi Hutu

Ma'aikaci ya tafi hutu, amma imel bai san hutu ba. Shi ya sa Gmail da Outlook suke da wurin ajiye amsa mai fita da kanta ga duk wanda ya rubuto. A Outlook sunan wurin Automatic replies.

Amsa mai amfani tana ɗauke da abu uku. Na farko ranar dawowa, da kwanan wata cikakke, domin “mako mai zuwa” ba ya nufin komai ga wanda ya karanta bayan kwana biyar. Na biyu wanda zai riƙe aikin, bayan ka nemi yardarsa, ka kuma tabbatar shi ma ba ya hutu. Na uku yadda za a yi da abin gaggawa.

Ga misalin akanta: “Ina hutu, zan dawo ofis ranar Litinin, 14 ga wata. Batun biyan kuɗi a tuntuɓi mataimakina ta adireshin da ke ƙasa, zai amsa cikin kwana ɗaya. Sauran saƙonni sai na dawo.”

Ka sa ranar da amsar za ta tsaya da kanta, kada ka dawo tana ta cewa ba ka nan. Kada kuma ka faɗi inda ka tafi, domin baƙi ma suna iya samun amsar.