Me ake nufi da tazarar amincewa ta kashi 95 cikin 100?

A ce an zaɓo magidanta 1,000 ta hanyar ƙuri'a, 520 suka ce suna da gidan sauro. Rahoto zai ce kashi 52 ne, da tazarar amincewa daga 49 zuwa 55.

Kuskure ne a ce akwai yiwuwar kashi 95 cewa ainihin adadin na ƙasa yana cikin wannan tazara. Adadin guda ne, ba ya motsi: ko yana ciki, ko ba ya ciki.

Tazarar ce ke sauyawa. Da za a maimaita binciken sau 100 da sababbin mutane, kimanin tazara 95 za su ƙunshi ainihin adadin, biyar su kuskure shi. Saboda haka, kashi 95 shaida ce ga hanyar binciken, domin tazarar da ke cikin rahoton tana iya kasancewa ɗaya daga cikin biyar ɗin.