Gwanjon da mai ƙaramin tayi ke iya cinyewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin gwanjo ya san dokarsa: wanda ya fi kowa tayi shi ne da kaya. Shi ya sa 'yan kasuwa da yawa, idan suka fara biyan kuɗin talla a Google, abin ke ɗaure musu kai. Mutum ya zuba kuɗi fiye da na kowa, amma ya duba ya ga tallan wani ƙaramin shago zaune a saman nasa. Sai ya ce an yi masa maguɗi. Ba maguɗi aka yi masa ba. Gwanjon ne ke da ma'auni biyu, shi kuwa ɗaya kawai ya sani.

Da farko dai tallan bincike ma irin gwanjon da muka saba ne. A 1998 Bill Gross ya kafa GoTo.com a Amurka, kamfanin da daga baya ya koma Overture, inda ake jera tallace-tallace bisa yawan tayi kaɗai. Matsalar ita ce mai talla ba ya biyan komai sai an latsa tallansa. To ina amfanin babban tayi a kan tallan da ba mai taɓa shi? A 2002 Google ya sauya lissafin a tsarinsa na AdWords, ya fara haɗa tayin da yawan latsawar da talla ke samu, kuma a 2005 ya faɗaɗa wannan zuwa makin inganci. Abin da ke fitowa idan aka haɗa tayi da inganci shi ne ake kira Ad Rank, wato matsayin talla, kuma ana sake lissafa shi duk lokacin da wani ya rubuta abin da yake nema.

Mu ƙaddara shaguna uku ne a Kano masu sayar da batirin sola, duk suna son tallansu ya fito idan an nemi farashin batirin. Na farko babban dila ne, ya ce zai biya har naira 400 a kan kowace latsawa, amma makin ingancinsa 3 ne cikin 10. Na biyu ya taya naira 300, makinsa 6. Na uku ƙaramin shago ne, naira 200 kawai ya iya, sai dai makinsa 10. Idan aka ninka tayi da maki, dila ya tashi da 1,200, na biyu da 1,800, ƙaramin shago da 2,000. Mai naira 200 ya hau sama, mai naira 400 ya koma ƙarshe.

Abin bai tsaya nan ba, kuma nan ne wurin da na fi so mai karatu ya nutsu. Tayin da ka rubuta iyaka ce kawai, ba lallai shi za ka biya ba. Ana cajinka mafi ƙarancin abin da zai riƙe maka matsayinka a kan wanda ke bayanka:

```
farashi = Ad Rank na wanda ke ƙasanka ÷ makin ingancinka
```

Ƙaramin shago yana buƙatar ya wuce 1,800 ne kawai. Raba wannan da 10, ya zama naira 180 da ɗan abin da bai kai a ambata ba. Na biyu zai wuce 1,200, a raba da 6, naira 200 ke nan. Ka ga wanda ke sama ya biya ƙasa da wanda ke bayansa. Ya sami gaban layi, kuma ya same shi da araha.

Kada a ɗauka tausayin talaka ne ya sa Google yin haka. Lissafin aljihunsa yake yi. A ce an nuna kowane talla sau 1,000. Na dila mutum 20 suka latsa, ko da an caje shi cikakkiyar naira 400, naira 8,000 ke nan. Na ƙaramin shago mutum 60 suka latsa a kan naira 180, ya zama naira 10,800. Mai rumfa a bakin kasuwa zai fi son ya ajiye kayan da ke tafiya a gaba, ko da ribar kowane ɗaya kaɗan ce. Ban da wannan, mai bincike da ke samun abin da yake nema zai dawo gobe.

To me ake aunawa a ingancin? Abu uku ne. Akwai hasashen ko za a latsa tallan, akwai dacewar kalmominsa da abin da mutum ya rubuta, sannan akwai shafin da yake kai mutum. Dilan namu, bari mu ce, talla ɗaya ya rubuta wa komai: yana sayar da kayan lantarki iri-iri, a zo a gani. Wanda ya latsa sai ya faɗa shafin farko na kamfani, cike da hotunan janareta da firji masu nauyin buɗewa a waya, ya yi ta laluben batiri har ya gaji ya fita. Ƙaramin shago kuwa ya rubuta batirin sola da ƙarfinsa da farashinsa da unguwar da yake, kuma latsawa ɗaya ta kai mutum kan batirin kansa. Bambancin 3 da 10 ke nan, ba wani sihiri.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: kuɗi na iya sayen saman. Idan dila ya ɗaga tayinsa zuwa naira 700, lissafinsa ya zama 2,100, ya wuce kowa. Amma don ya riƙe wurin sai ya biya 2,000 a raba da 3, kusan naira 667 a kan latsawa ɗaya, a wurin da wancan ya zauna a kan naira 180. Rashin inganci haraji ne da yake biya a kan kowane mutum da ya shigo. Kuma akwai ƙa'idar da talla dole ya kai kafin a nuna shi kwata-kwata, musamman a saman shafi, don haka tallan da ya yi muni sosai zai iya rasa wuri ko da babu mai takara da shi.

Wannan lissafi na ninkawa sauƙaƙawa ce don a gane. Google da kansa yana cewa lambar 1 zuwa 10 da kake gani ta gano ciwo ce kawai, ba ita ake sa wa a gwanjon ba. A ainihin gwanjon ana auna ingancin nan take, tare da duba inda mai binciken yake, irin na'urarsa, lokaci, da ƙarin bayanan da ka liƙa wa tallan kamar lambar waya da adireshi, waɗanda suka shiga lissafin tun 2013. Shi ya sa talla ɗaya kan zo na farko da safe, ya zo na uku da yamma.

Akwai tarko ɗaya da nake gargaɗin mutane a kai. Wasu da suka ji cewa latsawa na ɗaga maki sai su cusa kalmar "kyauta" a tallan abin da ba kyauta ba. Latsawa za ta ƙaru, amma kai za ka biya kuɗin kowane mai leƙe da bai zo saye ba.

Don haka ɗan'uwa mai talla, kafin ka ƙara ko kwabo a tayinka, buɗe shafin kalmominka a Google Ads ka fito da layukan `Exp. CTR`, `Ad relevance` da `Landing page exp.` Duk inda ka ga an rubuta `Below average`, nan ne kuɗinka ke zuba, can za ka fara gyara. Idan duka ukun sun nuna `Above average` amma har yanzu kana ƙasa, a lokacin ne ƙarin tayi zai yi maka amfani.