Masu Mayar da Hoton Jadawali Abin Saurare

Idan jarrabawa ta ƙarato, abin da makarantu da yawa ke yi shi ne a buga jadawali a takarda, shugaba ya sa hannu, a danna hatimi, wani ya ɗauki hotonsa da waya a ɗora a shafin makaranta. Mai gani ya buɗe ya duba ranarsa ya wuce. Ɗalibi makaho kuwa, da yake bin shafin da manhajar da ke karanta masa allo, idan ya iso wurin sai muryar ta ce masa ga hoto, wani lokaci ta bi shi da sunan fayil ɗin, shi ke nan. Rana da lokaci da darasi duk suna cikin hoton, amma a wurin manhajar ɗigon launi ne kawai, babu harafi ko ɗaya.

Akwai masu gyara wannan. Ba su da shago ko allon talla. Yawanci masu gina shafukan intanet ne ko ma'aikatan sashen kwamfuta da aka ɗora wa aikin. Kayan aikinsu ba su da yawa: hoton, manhajar rubuta HTML, burauza, da manhajar karanta allo irin NVDA, wadda kyauta ce, wani makaho ɗan Ostareliya mai suna Michael Curran ya fara ta a 2006. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka kwafe rubutu ne. Kwafen shi ne ɗan ƙaramin ɓangaren. Ainihin sana'ar ita ce a yanke wa kowane gida na jadawalin hukuncin ƙarƙashin wane kanu yake, a kuma rubuta hukuncin yadda na'ura za ta gane.

Dalili kuwa, ido yana yin wani aiki da mai shi bai ma san yana yi ba. Idan ka ga "Lissafi" a tsakiyar jadawali, idonka ya riga ya leƙa sama ya ga "Safe", ya leƙa hagu ya ga "Litinin", kafin ka ƙifta. Kunne ba ya leƙe. Abin da aka faɗa masa shi yake ji, ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ko an kwafe kalmomin duka daidai, in ba a ɗaure kowane gida da kanunsa ba, abin da ɗalibin zai ji shi ne jerin sunayen darussa, kamar a zube wa mutum makullai a tafin hannu ba a gaya masa na wace ƙofa ba ne. Shi ya sa ma rubuta bayanin hoto a `alt` bai wadatar ba a nan. Wannan ya dace da hoton gini ko na taro. Jadawali mai gida talatin in aka cusa shi a `alt`, muryar za ta kwararo shi ne a tafi ɗaya, babu damar mutum ya bi layin Laraba shi kaɗai.

Mu ɗauki jadawali irin wanda aka saba gani. A gefen hagu ranaku biyar, Litinin zuwa Juma'a. A sama kanu hawa biyu: "Aji 1" da "Aji 2", kowanne an raba shi gida biyu, "Safe" da "Yamma". Ranar Juma'a gidajen yamma babu komai. Wasu gidajen an shafa musu ja, can ƙasan takardar kuma an rubuta da ƙananan haruffa cewa ja yana nufin a ɗakin gwaje-gwaje za a yi. A wuri biyu an sa alamar nan mai 'yan layuka biyu da ke nufin "kamar na sama".

Gwani ba ya fara da bugawa. Sai ya zauna da hoton tukuna ya ƙirga layukan kwance da na tsaye, ya gano inda aka haɗe gidaje, ya tambayi kansa abin da kowane launi da kowane fili yake nufi. A jadawalin nan hukuncin farko da zai yanke shi ne ya raba shi biyu, kowane aji da nasa. Ni ina tare da wannan ra'ayi ɗari bisa ɗari. An haɗa azuzuwan ne don takarda ɗaya ta ɗauke su, ba don ɗan aji ɗaya yana da wata bukata da jarrabawar aji biyu ba. Shafin intanet ba ya ƙarancin takarda. Da an raba, kanu ya koma hawa ɗaya, aikin ya zama kamar haka:

```html
<table lang="ha">
  <caption>Jarrabawar zango na biyu: Aji 1</caption>
  <thead>
    <tr>
      <th scope="col">Rana</th>
      <th scope="col">Safe (8:30)</th>
      <th scope="col">Yamma (2:00)</th>
    </tr>
  </thead>
  <tbody>
    <tr>
      <th scope="row">Litinin</th>
      <td>Lissafi</td>
      <td>Kimiyya (ɗakin gwaje-gwaje)</td>
    </tr>
    <tr>
      <th scope="row">Juma'a</th>
      <td>Hausa</td>
      <td>Babu jarrabawa</td>
    </tr>
  </tbody>
</table>
```

Bambancin da komai ya rataya a kansa shi ne na `th` da `td`. Na farko gidan kanu ne, na biyu gidan bayani. Burauza takan nuna `th` da kauri a tsakiyar gida, kuma a nan ne sabon shiga ke faɗa wa rami: sai ya sa `td`, ya ƙara masa kauri da launi, a ido ya fito kanu sak. Manhajar karanta allo ba ruwanta da kauri. In ba ta ga `th` ba, a wurinta gida ne kamar sauran. Shi kuma `scope` yana faɗin inda ikon kanun ya nufa: `col` ya sauka ƙasa, `row` ya miƙe kwance. Kanun gefe su aka fi mantawa. Mutane kan tuna da layin sama su bar ranaku a matsayin `td`, sai ɗalibi ya riƙa gangarowa a layin safe yana jin Lissafi, Turanci, Tarihi, ba tare da an gaya masa ranar kowanne ba.

Shi `caption` taken jadawalin ne, kuma dokarsa ita ce ya zo na farko daf da buɗe `table`. Rubutun da aka ajiye a saman jadawali da manyan haruffa ba ya maye gurbinsa, domin wannan maƙwabci ne kawai, ba a ɗaure yake da jadawalin ba. Amfanin ɗaurin yana fitowa ne a yadda makafi ke yawo a shafi. Mai NVDA yakan danna `T` ya tsallaka daga wannan jadawali zuwa na gaba, duk abin da ke tsakani bai ji ba. Yanzu da muka yi jadawali biyu masu kama ɗaya, taken ne kaɗai zai gaya masa wanda ya sauka a kai. Don haka "Jadawali" kawai ba take ba ne. A faɗi na mene ne, na wane aji, a taƙaice. Wanda ya koyi aikin da tsofaffin littattafai zai iya kawo `summary` a kan `table`. HTML5 ya ajiye shi, ba a ƙara dogara da shi.

Sauran abubuwan da ido ke fahimta da ishara, dole a faɗe su da baki. Gidan Juma'a da yamma an rubuta masa "Babu jarrabawa", saboda gidan da aka bari fayau bai nuna ko hutu ne ko mantuwar mai bugawa ba. Amma a nan akwai iyaka: mai aikin ba shi da hurumin ƙirƙira. In bai tabbata fili hutu yake nufi ba, sai ya tambayi ofishin da ya fitar da takardar. Jan launi ya koma kalmomi a cikin gidan da abin ya shafa, alamar "kamar na sama" kuma an cire ta an sake rubuta darasin cikakke, tunda mai saurare zai iya shigowa gidan daga gefe, bai bi ta na sama ba. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda W3C ke fitarwa, sun tanadi wannan a bugu na 2008: tsarin da ido ke gani ya zama na'ura ma za ta iya gano shi, kuma kada launi ya ɗauki ma'ana shi kaɗai.

Wani lokaci ba a yarda a raba jadawali. To akwai hanya, sai dai ta fi wuya. Ana ba kowane kanu suna da `id`, sannan kowane gidan bayani ya lissafa kanunsa:

```html
<td headers="litinin aji1 aji1-safe">Lissafi</td>
```

Hanyar tana cikin ƙa'ida, amma harafi ɗaya in ya kuskure a sunan, ɗaurin ya tsinke kuma allo ba zai nuna komai ba. Ga shi kuma manhajojin karanta allo ba su zo ɗaya ba wajen mutunta ta, musamman na waya. Shi ya sa tsofaffin hannu ke ajiye ta sai an rasa yadda za a yi.

Kwafe rubutun kansa yana da nasa tarko. Manhajar da ke ciro haruffa daga hoto tana rage wahala, amma hoton waya da aka ɗauka a karkace, ga inuwa ga hatimi a kan rubutu, yakan rikita ta. Takan musanya 1 da ƙaramin l, sifiri da O, ta mai da 8:30 ya koma 8:80. Da Hausa kuma takan zubar da lanƙwasa, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. Mafi muni shi ne idan ta tsallake gidan da babu komai: duk abin da ke bayansa sai ya matso gida ɗaya, jarrabawar yamma ta koma safe. Maganinsa ƙirga. A jadawalinmu kowane `tr` gida uku ne. Wanda ya zo da biyu, akwai abin da ya ɓata. Jadawalin kwana biyar dai, sau da yawa buga shi da hannu ya fi sauri.

Gwaji na ƙarshe da kunne ake yinsa. A kunna NVDA, a danna `T`, a saurara ko ta faɗi take da adadin layuka. Sannan a riƙe `Ctrl+Alt` ana danna kibiyoyi. In ka matsa dama, ya kamata ka ji kanun sama kafin abin da ke gidan: Yamma, sannan Kimiyya. In ka sauka ƙasa, ka ji sunan ranar. Duk inda aka ji darasi tsirara ba kanu, a koma a duba `th`. Bayan nan a ɗauki waya a sake bi da TalkBack ko VoiceOver, domin ɗalibai da yawa da waya suke shiga. A nan ake kama wata ɓarna da ba ta mai jadawalin ba ce: mai ƙawata shafi, don jadawali ya shiga ƙaramin allo, ya sa wa `table` da layukansa `display: block`, wasu tsofaffin burauzoji kuma da sun ga haka sai su daina sanar da manhajar cewa jadawali ne. Abin da ya fi aminci shi ne a bar jadawalin da siffarsa, a sa shi cikin `div` mai `overflow-x: auto` don a riƙa jan sa gefe.

Hoton asali mai hatimi ba sai an jefar ba, tunda wasu shi suke ɗauka hujja. Ana iya barinsa a ƙasa a matsayin abin saukewa, da rubutun da ya faɗi ko mene ne. Sai dai daga ranar jadawali ya zama biyu, kuma jadawalin jarrabawa ba ya rasa gyara. In aka ɗage Kimiyya zuwa Alhamis aka sauya hoton aka manta da HTML, mai gani zai zo ranar da ta dace, makahon da aka yi aikin dominsa ya zo ranar Litinin. Don haka masu aikin kan rubuta ranar gyaran ƙarshe a ƙarƙashin jadawalin, su kuma nemi ofishin jarrabawa ya riƙa turo musu fayil ɗin da aka buga takardar daga cikinsa, maimakon hotonta.