Fayil ɗin ma'aikaci: ina yake kwana, wa ke buɗe shi?

Ma'aikata da yawa a Najeriya ba sa tunawa da fayil ɗinsu sai ritaya ta ƙarato, lokacin da gyara ya riga ya yi wuya. Shi ya sa jami'in kula da ma'aikata da ya san aikinsa yake zaunar da sababbin ɗauka tun makon farko, ya yi musu bayani.

A ma'aikatun gwamnati, fayil biyu ake buɗe wa mutum. Na fili yana rajista, a cikinsa ake zuba takardar kama aiki, shaidar karatu, hutu da canjin wurin aiki. Na sirri kuwa yana wata rajista dabam a kulle, shi ke ɗauke da rahoton ƙwazo na shekara da takardun tuhuma. Kowane shafi da lambarsa, don in an zare ɗaya a gane. Fayil ba ya fita sai akawu ya rubuta wanda ya karɓa da ranar, kuma ba a ba mai shi ya kai da hannunsa, komai sabonsa da mutanen rajista.

Masu gani kaɗan ne: jami'an kula da ma'aikata, shugabannin da aiki ya kawo fayil ɗin teburinsu, da kwamitin ƙarin girma ko na ladabtarwa. Abokin aiki ba shi da hurumi. Shi kuwa mai fayil, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ba shi damar neman sanin abin da aka ajiye a kansa, da neman a gyara kuskure.

Inda aka fi shan wahala shi ne ranar haihuwa. A ɗauki wanda aka haifa a 1968, ya kama aiki a 1995, amma wajen shigar da bayanansa a IPPIS aka buga 1963. Tunda ana ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, na'ura za ta sallame shi a 2023 maimakon 2028.

Abin yi shi ne ya rubuta wa shugaban ma'aikatarsa ta hannun shugaban sashensa, ya faɗi kuskuren da abin da ya kamata a rubuta, ya haɗa da kwafin takardar haihuwa da fam ɗin da ya cike ranar ɗaukarsa. Ya riƙe kwafin wasiƙar mai tambarin karɓa, domin maganar baka ba ta shiga fayil. In takardun farko sun nuna 1968, kuskuren mai bugawa ne, yana gyaruwa. In kuwa shi da kansa ya rubuta 1963 a ranar, sabuwar takardar rantsuwa daga kotu ba za ta fisshe shi ba, saboda dokokin aikin gwamnatin tarayya sun hana canza ranar haihuwar da aka rubuta wajen ɗauka.

Bayan an amince, sai ya bi sawu a kamfanin fanshonsa da hukumar katin ɗan ƙasa, don in bayanan suka saɓa, biyan haƙƙinsa na iya tsayawa.