Layi Ɗaya Tak: Yadda Ake Sa Kwamfuta Ta Yi Gaisuwa

Duk wanda ya taɓa zama koyon rubuta manhajar kwamfuta, da wuya a ce ba da gaisuwa ya fara ba. Al'adar ta samo asali ne daga Brian Kernighan, masanin kwamfuta da ya yi aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. Littafin da suka wallafa shi da Dennis Ritchie a 1978 kan harshen C ya buɗe darasinsa na farko da wata 'yar manhaja wadda ba ta da wani aiki sai rubuta `hello, world` a kan allo, wato gaishe da duniya. Daga nan abin ya bi duniya. Dalilinsa kuwa mai ƙarfi ne: idan gaisuwar ta fito, ka tabbatar kayan aikinka lafiya lau suke, ka san inda ake rubutu, ka kuma san yadda ake sa kwamfuta ta aiwatar da abin da ka rubuta.

Mu a nan da harshen Python za mu gwada, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991. Na zaɓe shi ne domin a cikinsa layi ɗaya ya wadatar, alhali a harshen C sai an yi shimfiɗar layuka da dama kafin a kai ga gaisuwar. Ga manhajar gaba ɗayanta:

```python
print("Sannu, duniya!")
```

Mai kwamfuta sai ya fara sauko da Python ya saka. Sannan ya buɗe manhajar rubutu marar ado irin su Notepad, ya rubuta layin, ya adana fayil ɗin da sunan `gaisuwa.py`. Wutsiyar nan `.py` ita ke nuna fayil na Python ne, kuma a kula da ita, don Notepad kan liƙa `.txt` a ƙarshen suna idan ba a lura ba. Daga nan sai a buɗe tagar ba da umarni, a shiga jakar da fayil ɗin yake, a rubuta wannan, a danna Enter:

```
python gaisuwa.py
```

A wasu kwamfutocin `python3` ake rubutawa maimakon `python`. Wanda waya kawai gare shi ma bai rasa hanya ba: akwai Pydroid 3 a wayoyin Android, ka rubuta layin, ka danna maɓallin aiwatarwa. Ko ta wace hanya aka bi, abin da zai bayyana shi ne Sannu, duniya! Babu baka, babu alamar zance, kuma kalmar `print` ba ta fito ba. Ina suka tafi? Amsar ita ce darasin.

Kalmar `print` suna ne na wani aiki da aka riga aka gina a cikin Python. Ka ɗauke ta kamar ɗan aike wanda ya iya abu guda: duk abin da aka miƙa masa, sai ya kai allo ya rubuta, sannan ya sauka zuwa sabon layi. Ma'anarta da Turanci ita ce buga rubutu, amma ba ta da ruwa da injin buga takarda a yau. Sunan gado ne daga zamanin da kwamfuta ke ba da amsa a kan takarda. Wannan ɗan aiken ba ya amsa kira sai an faɗi sunansa daidai, da ƙananan baƙaƙe duka. Masu waya su yi hattara, domin waya kan mayar da harafin farko babba da kanta. Idan ya zama `Print`, Python zai tsaya ya rubuto `NameError`, ma'ana bai san wani mai wannan sunan ba.

Sai baka biyu, ta buɗewa da ta rufewa. Su ne ke nuna cewa kiran ɗan aiken ake yi, kuma abin da ke tsakaninsu shi ne saƙon da aka damƙa masa. A tsofaffin littattafai da bidiyoyi za ka ga ana rubuta `print` ba tare da baka ba. Wancan Python 2 ne. Tun da Python 3 ya fito a 2008 baka ta zama dole, kuma an daina kula da Python 2 a 2020. Wanda ya kwafi tsohon salon zai ga `SyntaxError`, wato ya karya nahawun harshen.

Alamar zance kuwa, a ganina ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce iyaka tsakanin maganar Python da maganarka. Duk abin da ke wajenta umarni ne, sai Python ya fahimce shi kafin ya motsa. Abin da ke cikinta naka ne, ba zai yi ƙoƙarin fahimtarsa ba, kwashewa kawai zai yi harafi bayan harafi ya kai allo. Shi ya sa Hausa ta shiga ba tare da gardama ba. Python bai san mece ce sannu ba, bai kuma san waƙafi da alamar motsin rai ɗin nan na gaisuwarka suna da wata ma'ana ba. Ko ƙ da ɗ da ɓ ka sa, Python 3 zai karɓe su. Gwada waɗannan layuka biyu ka gani da idonka:

```python
print("2 + 3")
print(2 + 3)
```

Na farko zai rubuta 2 + 3 yadda yake, don an ce masa zance ne. Na biyu zai rubuta 5, don babu alamar zance, sai Python ya ɗauka lissafi aka ba shi. Haka nan idan ka rubuta `print(Sannu)` tsirara, zai je neman wani abu mai suna Sannu a cikin manhajar, ya rasa, ya dawo maka da `NameError`.

Akwai wani tarko da ya fi kama mai rubutu da Hausa. Python ya yarda a kewaye zance da alama mai ƙwaya biyu ko mai ƙwaya ɗaya, muddin wadda aka buɗe da ita aka rufe da ita. To amma mai ƙwaya ɗayar ita ce alamar da muke sakawa a 'ya'ya da sana'a da ma'ana. Dubi wannan:

```python
print('Sannu, 'yan'uwa')
```

Mu da muke jin Hausa gaisuwa ɗaya muke gani. Python kuwa yana isowa alamar da ke gaban yan sai ya ɗauka zance ya ƙare a nan. Yanzu yan ta faɗo waje, cikin yankin umarni, ga kuma wani sabon zance, uwa, ya biyo bayanta ba tare da wani abin da ya haɗa su ba. Sakamakon `SyntaxError` ne, kuma ko harafi ɗaya ba zai fito ba, domin Python yakan duba nahawun fayil ɗin duka kafin ya aiwatar da komai. Maganin mai sauƙi ne: a kewaye da mai ƙwaya biyu, `print("Sannu, 'yan'uwa")`, sai ta ciki ta zama harafi kamar kowane. Shawarata ga duk mai rubuta Hausa a Python ita ce ya riƙi mai ƙwaya biyu tun daga ranar farko.

Wannan alamar ce kuma ta sa na ce a yi rubutu a manhaja marar ado. Microsoft Word kan lanƙwasa alamar zance don ta yi kyau a ido, wasu wayoyin ma haka suke yi. A wurin Python lanƙwasasshiyar wani harafi ne daban, zai ce `invalid character`. Idan layinka ya yi daidai da na littafi amma ya ƙi aiki, matso kusa da allo ka dubi alamun nan biyu: miƙaƙƙu ake so.

Saƙon kuskure yakan tsorata sabon shiga, ga shi da Turanci, wani lokaci da jan rubutu. Amma karanta shi daga ƙasa. Layin ƙarshe shi ke faɗin irin kuskuren, a samansa kuma akwai sunan fayil da lambar layin, kamar `line 1`, sau da yawa har da 'yar alama `^` tana nuna wurin da Python ya cije. Goge bakar rufewa da gangan, ka aiwatar, ka karanta abin da ya ce. Mayar da ita, ka goge alamar zance ɗaya, ka sake karantawa. Bayan haka sai ka ƙara layi na biyu a ƙarƙashin na farko, `print("Ina kwana?")`, za ka ga gaisuwa biyu sun fito, ta sama kafin ta ƙasa, kowace a layinta.