Sabis Ya Tsaya a Falo: Yadda Ake Kai Intanet Ɗakin Ƙurya

Ginin bulo da siminti ba ya shiri da wai-fai. Rautar da ke cika falo da sabis sai ta haɗu da bango ɗaya ta rage ƙarfi, ta haɗu da na biyu ta galabaita, in kuwa akwai dekin mai rodi ko ƙofar ƙarfe a tsakani, kafin ta kai ɗakin ƙurya numfashi kawai ya rage mata. Mai gida ya je kasuwar waya, a nuna masa kwalaye iri uku: ekstenda mai ƙara zangon sabis, adaftar da ke bin wayar wutar lantarki wadda ake rubuta `Powerline` a jikinta, da tagwayen na'urori da ake kira mesh. Kowane kwali yana alkawarin rufe gida baki ɗaya. Dukkansu kuwa abu ɗaya suke yi, wato su kafa sabon wurin watsa sabis kusa da ɗakin nan. Inda suka rabu shi ne hanyar da intanet ke bi daga rauta zuwa sabon wurin, kuma wannan hanyar ce ke yanke hukunci ko kuɗinka ya yi amfani.

Mu ɗauki wani gida a matsayin misali. Rauta mai sim tana bakin taga a falo. Daga falo akwai dogon lungu mai ɗakuna, sai tsakar gida, sai ɗaki a can baya inda ɗalibar gidan ke darasi ta bidiyo. Tazarar kamar mita 25 ce, bango uku. Kafin a sayi komai, a ɗauki waya a buɗe `fast.com` a gefen rautar: a ce an samu 30 `Mbps`. Wannan shi ne iyakar abin da kamfanin sadarwa ke kawowa gidan, babu na'urar da za ta ƙara shi. In tun a falo abin da ake samu 3 ne, matsalar ba ta bango ba ce, a bar kuɗin a aljihu.

Sai a sauke ɗaya daga manhajojin auna wai-fai na Andiroid, waɗanda ke nuna ƙarfin sabis da lamba mai alamar ragi da `dBm` a gefenta. Ƙaramar lamba ta fi ƙarfi: -50 sabis ne mai kyau ƙwarai, zuwa -67 kiran bidiyo yana tafiya lafiya, daga -75 zuwa -80 kuwa yankewa ce da haɗuwa. Kuma lambar tana da yaudara, domin kowane goma da ya ƙaru, ƙarfin ya ragu sau goma ne. A gidan namu an samu -45 a falo, -64 a ƙarshen lungu, -82 a ɗakin baya, inda saurin ya faɗo zuwa 2 ko ƙasa da haka.

Ekstenda ce mafi araha, ita ce kuma aka fi sakawa a inda bai dace ba. Aikinta irin na sanƙira ne a wurin ɗaurin aure: sai ta saurari abin da rauta ta faɗa, sannan ta maimaita da ƙarfi. Abubuwa biyu ne ke biyo bayan haka. Na farko, abin da ba ta ji da kyau ba, ba za ta iya isar da shi da kyau ba. Mutane sukan kai ta ɗakin da babu sabis ɗin su jona, waya ta nuna sabis ya cika fal, amma bidiyo na ta juyawa. Cikar nan tsakanin wayarka da ekstenda ce kawai. Tsakanin ekstenda da rauta har yanzu -82 ɗin nan ne. Na biyu, ekstenda mai rediyo ɗaya ba ta saurare da magana a lokaci guda, don haka tana cinye kusan rabin saurin da ya iso mata.

A gidan misalinmu wurinta ƙarshen lungu ne, inda aka auna -64. In saurin wai-fai a can 20 ne, ɗakin baya zai iya tsira da kamar 10, muddin bango ɗaya da tsakar gida ne kawai suka rage. Goma ta ishi darasin bidiyo na mutum ɗaya. Ranar da yara uku suka taru a kai, za a ji a jiki. Ekstenda mai zango biyu, 2.4 da 5 `GHz`, tana rage wannan asarar, domin za ta iya sauraren rauta a ɗaya ta yi magana da waya a ɗayan. Sai dai a tuna 5 ya fi gudu amma ya fi tsoron bango, 2.4 ya fi ratsa gini amma ya fi cunkoso da rautocin maƙwabta.

Adaftar wayar wuta ba ruwanta da bango. Guda biyu ake sayarwa tare. Ta farko a jona ta a soket kusa da rauta, a haɗa su da gajeren kebul ta ramin `LAN`. Ta biyu a jona ta a ɗakin baya, a danna maɓallin `Pair` a kan kowacce cikin minti biyu. Daga nan saƙo yana hawa kan wayar lantarkin da ke cikin bango a mitoci masu nisa sama da 50 `Hz` na wutar kanta. A duba kwali da kyau, wasu adaftocin ta biyun ramin kebul kawai gare ta, ba ta watsa wai-fai. Lambobin nan na `AV600` da `AV1000` ma kada su ruɗi kowa. Abin da ake samu a gida yakan zama ɗan kaso ne na abin da aka rubuta, kuma da yawa daga masu `AV600` raminsu bai wuce 100 `Mbps` ba. Ga gidan da intanet ɗinsa 30 ne, wannan ba abin damuwa ba ne. In wayarin ɗin na da kyau, ɗakin baya zai samu kusan duka 30 ɗin.

To, "in wayarin ɗin na da kyau" ɗin nan shi ne inda gizo ke saƙar. An ƙera na'urar ne da tunanin gida mai wuta ɗaya, layi ɗaya, mu kuwa gida guda sai ka tarar da wutar kamfani, da janareta, da inbata mai sola, kowanne da hanyarsa. In inbata na ciyar da soket ɗin falo amma ɗakin baya yana kan wutar kamfani kai tsaye, saƙon sai ya ratsa ta cikin inbata, kuma galibi a nan yake maƙalewa. In gidan mai fes uku ne aka raba ɗakuna a kansu, adaftoci biyu a fes daban-daban kan haɗu da rauni ko su ƙi haɗuwa. Haka in ɗakin baya na da mitarsa daban. Sitabilaiza da ekstenshin mai kariyar hawan wuta kuwa suna ɗaukar saƙon tamkar datti ne su tace shi, shi ya sa dole adafta ta shiga soket ɗin bango kai tsaye. Wani lokaci komai daidai ne, amma da an kunna injin jan ruwa ko an soka wata cajar banza a soket ɗin gefe sai sauri ya faɗi, a kashe ya dawo. Wannan hawa da sauka tare da kayan wuta ita ce alamar hayaniyar layi.

Tambaya ɗaya ga mai wayarin ɗin gidan tana warware rabin wannan: "Malam, soket ɗin falo da na ɗakin baya layinsu ɗaya ne?" Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko sisi. Lokacin da aka ɗauke wuta gidan ya koma inbata, a duba ko soket biyun duka suna da wuta. Ni dai ba na sayen irin wannan adafta sai da sharaɗin mayarwa in ta ƙi, domin babu mai iya rantsuwa a kan wayar da ke binne cikin siminti.

Mesh ita ce mai tsada, kuma sunanta ya sa ana zaton tana da wani sirri. Na'urori biyu ne ko uku masu aiki ƙarƙashin suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, suna taimaka wa wayarka ta koma kan wadda ta fi kusa yayin da kake yawo a gida. Wannan ni'ima ce ta gaske, domin da ekstenda waya kan liƙe wa rautar falo har sai sabis ya mutu. Amma in ta iska na'urorin ke magana da juna, bangon da ya hana rauta zai hana su. Ta biyun ma a ƙarshen lungu za ta zauna, ba a ɗakin baya ba. Mesh mai zango biyu tana raba iska tsakanin hira da 'yar'uwarta da hidimar wayoyi. Mai zango uku tana iya ware guda don tsakaninsu, shi ya sa ta fi sauri ta kuma fi kuɗi. A gidanmu, mesh mai kyau a lungu za ta iya kai ɗakin baya 20 ko fiye. Don ɗaki ɗaya kacal, ina ganin an kashe kuɗi fiye da buƙata. Ga bene mai hawa biyu da mutum goma, kowa da waya, ita ce ta dace.

Akwai abu biyu da mai shago ba kasafai yake tambaya ba. Wanda intanet ɗinsa ƙaramar mai-fai ce ta aljihu, marar ramin `LAN`, adaftar wuta ba ta da inda za ta shiga, mafi yawan mesh ma haka. Ekstenda ce kaɗai za ta kama ta ta iska. Sannan kowace na'ura da aka ƙara tana son wuta. Rauta na iya zama kan ƙaramin batirinta na bolt 12, amma in soket ɗin lungu ya mutu da ɗauke wuta, ɗakin baya ya koma gidan jiya. Adaftar wayar wuta ta fi kowa shiga wannan hali, tunda ba a iya ɗora ta kan batiri a gefe.

Inda tsakar gida ta yi faɗi, wayarin kuma ya rabu, kebul ɗin `Cat6` ya fi duka ukun. Yana ɗaukar 1000 `Mbps` har tsawon mita 100, ba ruwansa da rodi ko inbata. Ga gidanmu mita 35 ta isa, da lissafin kwana-kwana. A zura shi cikin bututun roba inda zai ratsa waje saboda rana da ɓera, a nisanta shi kaɗan da wayar wuta. A ƙarshensa a jona na'urar mesh ta biyu, ko ekstenda mai rami da aka saita a `Access Point`, ko tsohuwar rautar da ke cikin durowa. In tsohuwar rautar ce kuma ba ta da wannan saitin, a kashe mata `DHCP`, a ba ta adireshin da bai yi karo da na babbar ba, a soka kebul ɗin a ramin `LAN` ɗinta maimakon `WAN`, don kada rautoci biyu su riƙa rabon adireshi a gida ɗaya.